Maimaici a Baki Daban, a Takarda Daban

Marubucin da ya tashi a Runka, a bakin dajin Rugu, in zai ƙirƙiri sabuwar tatsuniya a rubuce, ina ganin maimaici ne zai fi ba shi wuya. A baki, tsohuwa na iya maimaita waƙa sau bakwai, domin muryarta na sauyawa, yara kuma na amsawa. A takarda kuwa, mai karatu tsallakewa yake yi. Mu ce yarinya ta shiga daji itace, ta gamu da dila, sannan kura, sannan zaki, kowa na tambayarta inda za ta. A rubuta amsarta cikakkiya ga dila. Wajen kura a sauya kalma ɗaya da za ta nuna tsoro ya shige ta. Zaki kuwa ya katse ta tun ba ta kai ƙarshe ba. Haka darasin ƙarshe: Abubakar Imam, a Magana Jari Ce ta 1937, ya sa labarai a bakin aku mai neman tsare Musa ɗan sarki daga fita, don haka hikimar tana da mai faɗa da dalilin faɗa. Marubutanmu, in darasin ya wuce jimla biyu kafin "ƙurunƙus", ku rage shi.