Takardar da Ba Ta Buƙatar Ƙarya

Da zarar sakamakon WAEC ko NECO ya fito, ma'aikata da yawa kan sami saƙo daga ƙane ko ɗiyar 'yar'uwa: a taimaka a rubuta musu takardar bayanin kai, wadda aka fi sani da si-bi. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko ta wani tsohon ma'aikaci, a goge sunansa, a bar tsarinta. Sai a iso gurbin ayyukan da aka taɓa yi, a tarar babu abin sakawa. Daga nan ko a bar shi fayau, ko a ƙirƙiro aikin da ba a yi ba. Duka biyun kuskure ne, domin tun farko tsarin ba na yaron ba ne.

Mai kantin da ke neman mai karɓar kuɗi ya san ɗan shekara 18 bai taɓa aikin albashi ba. Tambayoyinsa uku ne: me yaron ya iya yi da hannunsa, za a iya barin sa da kuɗi, kuma wa zai tsaya masa? Takardar da ta amsa waɗannan a shafi ɗaya ta gama aikinta.

A ɗauki misalin wata yarinya a Zariya da ta gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Ta yi horon kwamfuta na wata uku, kuma shekara biyu tana zama a shagon kawunta bayan an tashi makaranta. Yanzu tana neman aikin karɓar kuɗi a kantin magani. Bayan suna, lambar waya da unguwa, horon ne ya kamata ya zo a sama, ba makarantar firamare ba. Kuma ba a cewa "ta iya kwamfuta" a yi shiru. A faɗi sunan cibiyar, da watannin da aka yi horon, da abin da ta fita da shi: tana buga wasiƙa a Word, tana shigar da cinikin yini a Excel ta fitar da jimla. Wannan magana ce da za a iya gwadawa cikin minti biyar, kuma abin da ya ba ta daraja ke nan.

Sai batun hali, inda aka fi ɓarna. Kusan kowace takarda tana cewa mai ita yana da gaskiya, ƙwazo da riƙon amana. Tun da kowa na faɗa, kalmomin sun daina auna komai. Hali ba a shelanta shi, nuna shi ake yi. Maimakon "mai amana", a buɗe gurbi mai suna nauyin da aka taɓa ɗauka, a rubuta cewa ta riƙe littafin bashi na kusan mutum 30 a shagon kawunta, tana ƙirga cinikin yamma ta miƙa masa kullum. Maimakon "mai son zuwa a kan lokaci", a ce ita ce ta riƙe rajistar ajinsu a shekarar ƙarshe. Ba a kira ta manaja ba, ba a kuma ɓoye cewa shagon na dangi ne ba, amma mai karatu ya ga amanar da idonsa.

Wasu za su ce gaskiya tsirara ba ta samar da aiki a ƙasar da kowa ke ƙara gishiri. Damuwar tana da tushe, sai dai ƙaryar mafari ita ce mafi saurin tonuwa. Wanda ya rubuta shekara biyu a matsayin sakatare, za a tambaye shi sunan maigidansa da lambarsa. Wanda ya ce ya ƙware a Excel, za a juyo masa da allon kwamfuta. In ya daburce, ba ƙwarewarsa kaɗai ta faɗi ba, har da amanar da ita ce babban jarinsa.

Shi ya sa masu tsayawa biyu da ke ƙasan shafi suka fi duk wata kalmar yabo nauyi: malamin da ya koyar da ita a aji, da wanda ya horar da ita a cibiyar. A nemi izininsu tukuna, a kuma tabbatar lambobinsu na shiga, don babu abin kunya kamar a kira mutum ya ce bai gane wadda ake nufi ba. Kawu bai dace a nan ba, ko da shi ya fi sanin aikinta, domin ana ɗaukar shaidar ɗan'uwa da rangwame.

Irin wannan takarda ba za ta buɗe ƙofar aikin da ke buƙatar digiri ba, ba kuma don haka aka yi ta ba. Amfaninta shi ne ta kai yarinyar gaban mai kanti da maganar da za ta iya karewa layi bayan layi. Yayan da aka roƙa ya rubuta ta, gara ya fara da zaunar da ƙanwarsa ya tambaye ta abin da aka taɓa damƙa mata ta riƙe, kafin ya buɗe kwamfuta.