Kunne Ba Alƙali Ba Ne a Shari'ar *a*, *an* da *the*

Akwai wata shawara da editoci da malaman Turanci suka daɗe suna bai wa marubuta: a karanta rubutu da babbar murya, kunne zai nuna inda aka manta *a* ko *the*. Shawarar ta dace da wanda ya tashi da Turanci a baki. Ga mai jin Rashanci ko Sinanci, harsunan da ba su da waɗannan kalmomi, yaudara ce, domin kunne ba ya kewar abin da bai saba ji ba.

Bahaushe ma bai tsira ba, ko da yake harshensa yana da abin da ya yi kama da su. Ana cewa “motar ta lalace” idan an riga an ambaci motar, a ce “wani mutum ya zo” idan sabon ambato ne. Amma kamar da wane ba ta wane. “Rana ta fito” ba ta ɗauke da wata alama, alhali Turanci ya wajabta *the sun*. “Shi likita ne” babu “wani” a ciki, amma dole a rubuta *a doctor*.

Masu cewa wannan ƙaramin abu ne su dubi kamfani mai daraktoci biyar da aka rubuta a ƙa'idarsa: *Director may sign cheques*. Idan aka sa *A director*, kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin yana da ikon sa hannu a cek. Idan aka sa *The director*, mutum ɗaya ake nufi, kuma sai takardar ta riga ta fayyace ko wane ne. In ba ta fayyace ba, ranar da kuɗi suka fita za a rasa wanda za a kama.

Saboda haka tantancewa aikin ido ne da alƙalami, kuma daga sunaye ake farawa. Neman *the* da `Ctrl+F` ba ya wadatarwa, tunda na'ura ba ta nuna wadda ba a rubuta ba. A ja layi a ƙarƙashin kowane suna, a yi masa tambaya biyu. Shin mai karatu ya san takamaiman wanda ake nufi? In ya sani, *the*. In bai sani ba, ana ƙirga abin, kuma guda ɗaya ne? To, sai *a* ko *an*. Jam'i da abin da ba a ƙirgawa, irin su *advice* da *equipment*, ba sa karɓar *a* ko kaɗan.

Wuri ɗaya kawai kunne yake da hurumi: zaɓi tsakanin *a* da *an*, wanda sauti ke yankewa ba harafi ba, kamar *an hour* da *a university*. Sauran hukuncin duk na tambayoyin nan biyu ne, kuma editan da ya bar su ya dogara da kunne bai duba takardar ba.