KAN TALLA: TAMBAYA, ADADI KO ALKAWARI?

Duk wanda ya bi titunan Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko unguwannin Kano da Kaduna, a farkon shekara, ba zai rasa ganin 'yan takardun talla manne a jikin bango da turakun lantarki ba, inda malamai ke neman iyayen da za su ɗauke su koyar da yara a gida, watau abin da jama'a ke kira lesin. Galibin takardun nan kansu iri ɗaya ne: “Malamin Lesin.” Mai wucewa ya kan dube su da wutsiyar ido ya yi gaba, domin kalmomin nan biyu sun faɗi sana'ar mai tallan ne kurum, ba su faɗa wa uba abin da ɗansa zai samu ba.

Masana harkar talla sun daɗe da lura da wannan. David Ogilvy, wani gwanin talla ɗan Birtaniya, ya nuna a littafinsa na 1963 cewa masu karanta kan talla sun ninka masu karanta cikinta wajen sau biyar. Idan kan ya kasa tsayar da mutum, to, duk bayanin da a ka zuba a ƙasa ya tafi a banza. Saboda haka ne a ka fito da wasu 'yan salo na rubuta kai, waɗanda uku daga ciki su ka fi shahara: a yi tambaya, a kawo adadi, ko a ɗauki alkawari. Ko wanne yana da inda ya ke aiki da inda ya ke yin tuntuɓe, kuma hanyar gane haka ita ce a ɗora su duka a kan talla guda.

A ɗauka ga wani malamin Lissafi a Agege, yana son koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin jarrabawar WAEC, wadda a kan yi wajen watannin Mayu da Yuni. Zai riƙa zuwa gida sau uku a mako, ko wane zama awa ɗaya da rabi, har mako 12. Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne, yaro ne zai yi karatun, amma uba ko uwa ne za su biya. Damuwarsu kuwa sananniya ce: ana neman kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni, kafin a shiga jami'a, kuma mafi ƙarancin kiredit shi ne C6. Wanda ya samu D7 a Lissafi ya kan yi zaman shekara guda a gida. Da wannan uban ne kan tallar zai yi magana.

Salon tambaya shi ne mafi sauƙin rubutawa, shi ne kuma mafi saurin faɗuwa. Idan malamin ya rubuta “Kana neman malamin lesin?”, mafi yawan masu wucewa za su amsa a zuci da a'a, magana kuwa ta ƙare ke nan. Idan ya zafafa ya ce “Ɗanka daƙiƙi ne a Lissafi?”, ya tsayar da uban, amma ya zage shi a bainar jama'a, ba kuwa wanda zai kira lambar wanda ya ci mutuncin ɗansa. Tambayar da ke aiki ita ce wadda uban ya riga ya ke yi wa kansa da dare, kamar a ce “WAEC ta matso, yaronku yana tsoron Lissafi?” Wanda abin bai shafa ba zai wuce, ba a kuwa yi asara ba, wanda ya shafa zai amsa da e, ya tsaya neman ci gaban magana.

A nan akwai wani tarko da Hausa ta ke da shi wanda Turanci ba shi da shi. Bature idan ya ce ɗan wanda ya ke magana da shi, kalma guda ta ishe shi ga namiji da mace. Bahaushe kuwa da zarar ya rubuta “ɗanka” ya fitar da uwa daga zancen, ya kuma fitar da 'ya mace, alhali a gidaje da yawa uwa ce ke duba littafin yaro ta ga jan biro. Mafita ita ce lamirin jam'i, a ce “yaronku” ko “'ya'yanku,” wanda ya haɗa kowa, ya kuma zo da girmamawa.

Salon adadi ya dogara ne a kan cewa ido ya kan tsaya a kan lamba a tsakiyar haruffa, kuma zuciya ta fi amincewa da abin da za a iya ƙirgawa. Amma ba ko wace lamba ce ke da amfani ba. “Shekara 10 ina koyarwa” lamba ce, sai dai labarin malamin ta ke bayarwa, kuma ba wanda zai iya tabbatar da ita daga jikin bango. “Kashi 100 na ɗalibaina sun ci” ta fi muni, domin uba mai hankali zai tambaya ɗalibai nawa ne, in kuwa biyu ne, ai lambar ta zama abin dariya. Lambar da ta dace ita ce wadda uban zai yi lissafi da ita: “Darasin Lissafi 36 a gidanku kafin WAEC.” Sau uku a mako har mako 12 ya ba da 36, watau awa 54 ke nan. Uban zai iya raba kuɗin da a ka nema da 36 ya ga abin da ko wane zama ya tsaya masa, zai kuma iya ƙirga zuwan malamin. Rauninta guda shi ne, ta faɗi yawan aikin, ba ta faɗi amfaninsa ba.

Wannan giɓin ne salon alkawari ke cikewa, shi ya sa ya fi sauran ƙarfi, ya kuma fi su haɗari. “A1 a Lissafi, tabbas!” zai tara jama'a fiye da duk kan da a ka ambata a baya. To, amma malamin ba shi zai zauna jarrabawar ba, ba kuma shi zai yi makin takardar ba. Ya yi alkawari ke nan da abin da ba ya hannunsa. Har ila yau, a ƙasar nan duk tallar da ta ba da tabbacin sakamako ta kan sa mutane su zaci akwai satar amsa a ciki, laifin da dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadar wa hukunci. Iyaye masu mutunci za su guje shi, masu neman hanyar baya su yi ta kiransa. In sakamako ya fito yaro ya samu D7, sunan malamin ya ɓaci a unguwa, baki kuwa shi ke yanka wuya.

Alkawarin da ya halatta shi ne wanda malamin zai iya cikawa shi kaɗai, ko yaron ya yi ƙoƙari ko bai yi ba. Alal misali: “Ko wace Asabar za ku ga makin yaronku a Lissafi da idonku.” Wannan yana nufin gwaji ko wane mako daga tambayoyin jarrabawar shekarun baya, a yi maki, a miƙa wa iyaye. Bai ce yaro zai ci ba, amma ya cire wa uban babban tsoronsa, watau ya biya kuɗin wata uku bai san ko ana ci gaba ba sai ranar da sakamako ya fito.

Yanzu ga kai uku masu kyau, wanne za a ɗauka? Ra'ayin malamin ko na abokansa ba hujja ba ne. Tun a 1923 Claude Hopkins na Amirka ya yi bayanin yadda a ke sa wa ko wace talla alama ta daban domin a san wadda ta jawo ciniki, John Caples kuma ya faɗaɗa hanyar a littafinsa na 1932. Malamin Agege zai iya yin haka da ɗan kuɗi kaɗan. Ya buga takarda 600, ko wane kai 200, amma cikin tallar, girman takardar da lambar waya duk su zama iri ɗaya, kan ne kaɗai zai bambanta. A ƙasan ko wace ya rubuta cewa wanda ya kira ya ambaci harafin da ke kusurwar takardarsa, A ko B ko C, zai samu darasin farko kyauta. Sa'an nan ya cakuɗa takardun, ɗaya bayan ɗaya, ya raba su wuri guda a rana guda. In ya kai na tambaya ƙofar masallacin Juma'a, na adadi kuma kasuwa ran Litinin, to, wurare ya gwada, ba kan talla ba.

Wajen ƙirga sakamakon ma akwai kuskure biyu. Na farko, ɗaukar ƙaramin bambanci da muhimmanci. In a ce A ta kawo kira 9, B ta kawo 7, wannan ba ya nuna komai, domin ko kwabo a ka jefa sau 16 ya kan faɗi haka. Amma in ɗaya ta kawo 14, ɗayar 4, da wuya a ce dace ne kurum. In lambobin sun yi kusa, sai a sake bugawa a sake rabawa. Kuskure na biyu shi ne tsayawa a kan yawan kira. A ce tambaya ta kawo kira 14 amma mutum 2 su ka biya, alkawari ya kawo 8 amma 5 su ka biya. Ai alkawarin ne ya ciyar da malamin, tambayar kuwa ta cinye masa lokaci da darussan kyauta. Saboda haka littafin da zai riƙa rubuta sakamakon ya kasance da layi uku: harafin takarda, wanda ya kira, da wanda ya biya kuɗin watan farko.

Bayan an gano kan da ya yi nasara, ba a yar da sauran. Wanda ya ci ya hau sama da manyan haruffa, adadin ya biyo a layi na biyu domin ya ba maganar ƙafa, sa'an nan unguwannin da malamin ke zuwa da lambar waya. Abin da ba a so shi ne a cusa tambaya da adadi da alkawari duk a layi guda, domin mai tafiya a ƙafa ba zai karanta kan da ya wuce kalma goma ko sha biyu ba. Kuma sakamakon gwajin watan Janairu na Janairu ne: in jarrabawa ta wuce, iyayen da ke neman lesin na dogon hutu damuwarsu daban ce, sai malamin ya sake ɗauko takarda da biro ya fara daga farko.