Kafin ka roƙi a ɗaga maka iyaka, ƙirga mintinka mafi zafi

1/ Masu haɗa wa ƙananan shaguna manhaja, mu yi magana kan wasiƙar da muke aika wa kamfanin tura saƙon tes in muna so ya ɗaga mana iyakar kira. A ganina yawancinsu sun cancanci a ƙi su. Buƙatar gaskiya ce, lissafin da ke ciki ne ba ya kare ta.

2/ A ce shagon shadda da atamfa ne. Kamfanin ya ba ka kira 60 a minti, in ka wuce ya dawo maka da `429 Too Many Requests`. Sai ka rubuta: "Muna samun oda 400 a rana, kowace tana cin saƙo 3, a taimaka a ƙara mana."

3/ Wanda zai karanta zai ɗauko kalkuleta. Saƙo 1,200 ke nan a rana. Rana minti 1,440 ce. Ko saƙo ɗaya ba ka kai ba a minti, kuma an ba ka 60. Da hannunka ka rubuta masa hujjar cewa ba ka buƙatar komai.

4/ Alhali ciniki ba haka yake zuwa ba. Goman ƙarshe na azumi, Hajiya mai shago ta ɗora sabbin kaya bayan tarawihi, jama'a su afko lokaci guda. Wannan mintin ne maganarka. In kowane layi na rajistarka yana farawa kamar `2025-03-26 21:14`, wannan zai fito da shi:

```
cut -c1-16 sms.log | sort | uniq -c | sort -rn | head
```

5/ A ce ya nuna maka 260. Kada ka yi saurin sa wannan a wasiƙa. Duba da kyau: kira na ainihi 110 ne. 60 sun wuce, 50 an dawo da su, manhajarka kuma ta sake gwada kowanne sau 3 nan take. 150 ɗin nan da suka hau kai ba kwastoma ba ne, kai ne kake dukan ƙofa.

6/ Su ma fa suna ganin wannan a wajensu. In ka ce 260, sun san ko dai ba ka fahimci zirga-zirgarka ba, ko kana ƙara gishiri. In amsarsu tana zuwa da `Retry-After`, ta gaya maka tsawon jiran da za ka yi. Bi shi. In babu, riƙa ninka jiran: daƙiƙa 1, 2, 4.

7/ Sai ka tsaga 110 ɗin. A ce 85 lambar OTP ce ta shiga, 25 kuma saƙon "mun karɓi odarki". Na biyun zai iya jira a layi minti biyu, ba wanda zai lura. OTP ba ta jira. Wadda ba ta ga lamba ba za ta yi ta danna maɓallin sake turowa (shi ma a kulle shi na daƙiƙa 30), daga nan ta koma wani shagon.

8/ To yanzu kana da magana. Da Turanci za ka rubuta, amma ga abin da za ta ƙunsa:

"Iyakarmu 60 ce a minti. Ranar 26 ga Maris, ƙarfe 9:14 na dare, mun kai 110 ba tare da ƙirga maimaici ba, 50 sun samu 429. Mun mayar da saƙon oda layin jira, saura OTP 85 da ba sa jinkirtuwa. Muna neman 120 a minti, kan hanyar OTP kaɗai, daga 20 ga azumi zuwa kwana biyu bayan Sallah. Ga rajistar a haɗe."

9/ Me ya sa 120, ba 1,000 ba? Don 120 ana iya gano daga ina ta fito: 85 da ɗan sarari. Ga ranar farawa, ga ta ƙarewa. Ma'aikacin da ya karɓa yana da abin nuna wa na sama da shi. Ranakun a rubuta su da kalandar Turawa, kada ka bar shi yana lissafin wata.

10/ Na san wani zai ce: ai ni nake biyan kowane saƙo, ina ruwansu? Ruwansu da naka ne. Akwai 'yan damfara masu sa na'ura ta yi ta neman OTP zuwa lambobin da suke samun kaso a kansu. In ba iyaka, kuɗin Hajiya ne zai ƙare kafin asuba. Shi ya sa nake ƙara layi ɗaya a wasiƙar: lamba ɗaya ba ta samun OTP fiye da 3 a minti goma, kuma ba ma turawa ƙasashen da ba ma kai kaya.

11/ Su kuma kamfanonin, in wasiƙa ta zo da lissafi haka, amsar "ka koma tsari mai tsada" ba amsa ba ce. Shagon da ke cika kwana goma sha biyu bai kamata ya biya kuɗin shekara ba. Ku ce eh, ko ku faɗi lambar da za ku iya bayarwa. Kai kuma aika tun watan Sha'aban, don amsa kan ɗauki kwanaki.