Kalmar "de" ba ta ƙetare iyaka

Yau zancenmu a kan Ingilishi ne, wanda hulɗa da Najeriya ke tilasta wa ƴan kasuwa da ma'aikata rubutawa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, ƴan ƙananan kalmomin da ke bin bayan aikatau su ne ke kada mu, kuma babbar mai laifi ita ce "de". Mushe ya ce mana fassararta "of", mu kuwa muka riƙe wannan gam.

Bafaranshe yana cewa "dépendre de", Bature kuma "depend on". Nan Hausa ta fi kusa, tunda mu ma muna cewa abu ya rataya a kan wani. "Différent de" shi ne "different from"; ana jin "to" a Ingila, "than" a Amurka, amma "of" ba ta da wurin zama a nan. Haka "intéressé par": mai son sayen kaya "interested in" zai rubuta. Kada a nemi hujja, sabo ne na masu harshen. Ga shi ma "independent" da "of" take tafiya, alhali tushenta ɗaya da "depend".

Waɗannan kurakurai murmushi kawai suke jawowa. Wanda ke taɓa aljihu shi ne na farashi. A ce ɗan kasuwar Maraɗi zai sari turmi 200 na atamfa a Kano, kowane a kan naira 40,000, yana neman ragin 5,000. Cikin kansa "réduire de" ke yawo, sai ya rubuta "reduce the price of 5,000". Bakano zai karanta cewa farashin kansa 5,000 ne, shi ake son a rage. Idan ya canza ya sa "to", ya ƙara ɓata lamarin: ya nemi a sayar masa da turmi a kan 5,000, wato miliyan 1 duka kayan. Kalmar da ta dace ita ce "by": turmi ya koma 35,000, jimla miliyan 7. Tsakanin "by" da "to" akwai naira miliyan 6, kuma idan rigima ta tashi, abin da ke cikin takarda za a duba.

A lura, in suna aka yi amfani da shi, "of" ta dawo: "a reduction of 5,000" daidai ne. Ni dai shawarata ga masu rubuta wa alhazai wasiƙa, su sa lambobin biyu a jere, "by 5,000 to 35,000", domin ko kalma ta kuɓuce, lissafi zai nuna abin da ake nufi. Sauran kuwa sai ƙamus, a duba jimlar misali da ke ƙarƙashin aikatau, a kwafe shi cikin littafi tare da ƴar rakiyarsa.