Idan za ki sa tsohuwa mota ita kaɗai

Watan jiya ƙanwata da ke aure a Yamai ta haihu, Inna ta ce ko ana ha maza ha mata sai ta je suna. Ni ga yara ga sana'a, babu halin rakiya. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, wuni guda ne cur cikin kar, Inna kuwa ga ciwon gwiwa ga hawan jini. Ga abin da tafiyar nan ta koya mini.

Kada ki bari sai ranar tafiya ki yanki tikiti. Ki je gishe da kanki kwana ɗaya ko biyu kafin nan, da katin ɗan ƙasa na tsohuwar a hannunki. Ki duba ko bai mutu ba, domin akwai shingen jami'an tsaro a hanya inda ake tambayar kati, kuma ba kya son a tsayar da ita a rana babu mai yi mata magana. Sunan da ke kan katin shi za a rubuta a tikiti. Ki tambayi ƙarfe nawa ake son fasinja su hallara, ba ƙarfe nawa mota ke tashi ba kaɗai. Ki kuma roƙi kujera ta gaba, kusa da ƙofa, gefen hanyar wucewa, don ta samu miƙe ƙafa. Kujerun can baya su suka fi jijjiga.

Motarmu ta asuba ce, sai na kai kaya tun da marece aka auna, aka manna musu lamba. Buhun gero da kwallar kayan jego suka shiga ƙarƙashin mota. Abin da ba ya rabuwa da jikinta na sa a ƙaramar jakar rataye: kati, tikiti, magani, gorar ruwa, dabino, salula cike da caji, da canjin jika biyu a ƴan dala ashirin-ashirin da dala ɗari-ɗari, saboda banɗaki da ruwan alwala. Na rubuta lambata da ta mijin ƙanwata a takarda da manyan baƙaƙe, na ɗaure mata a bakin mayafi.

Maganar ruwa fa, ku kula. Tsofaffinmu kan ƙi shan ruwa tun dare don tsoron fitsari ya matsa musu a mota, su isa da jiri da ciwon kai. Na zauna na lissafa wa Inna garuruwan: Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Na ce mata ana tsayawa a hanya, ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari, saboda haka ki tambayi likitanta lokacin da ya dace ta sha ran tafiya. Kada ta bar shi da ra'ayin kanta.

A tasha ne na kusa yin kuskure. Ana ta kiran sunaye bi da bi, na tafi sayen burodi. Aka kira sunan Inna har sau biyu tana zaune ba ta motsa ba. Shekara nawa rabon da wani ya kira ta da sunan yanka? Kowa Inna yake cewa. Na dawo da gudu na amsa. Ta ce, "To ni ina na san da ni ake, ƴar nan?" Saboda haka ki tsaya kusa da mai kira, ke ce kunnenta.

Na roƙi izini na hau da ita, domin matakalar kar tana da tsawo ga mai ciwon gwiwa. Na gaida matar da ke kusa da ita, na ce, "Hajiya, ga amanar Allah, in an tsaya ki kama mata hannu." Na karɓi lambarta. Na kuma nuna wa yaron mota ita, na ce kada a tashi a ko'ina sai ya ga ta dawo kujerarta. Ban bar tasha ba sai da na ga mota ta fita.

Saura mai tarba. A Yamai kowane kamfani da tasa tasha, don haka cewa "Inna ta taso" bai isa ba. Na faɗa wa mijin ƙanwata sunan kamfanin, lambar motar, lokacin da ta tashi da lambar kayan. Muka yi da Hajiyar nan cewa in sun bar Dosso ta kira shi, daga nan saura kamar awa biyu. Ya riga mota isa, bayan la'asar sai ga muryar Inna a waya tana tambayar ko na ba awaki dusa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya kai matafiya gida lafiya. Sai fitowa ta gaba.