Gishirin da aka saya da Suwahili

Carol Myers-Scotton, wata Ba'amurkiya masaniyar harshe, ta daɗe tana sauraron yadda mutanen Kenya ke sauya harshe a tsakiyar zance, har ta fitar da littafi a kan dalilan hakan a 1993. Cikin misalan da ta kawo akwai na wata mata da ta shiga kantin ɗan'uwanta. Suka gaisa da Luwidako, harshensu na gida, ɗaya daga cikin kare-karen harshen Luhya na yammacin ƙasar. Ana gama gaisuwa sai ya juya zuwa Suwahili, harshen ciniki, ya tambaye ta me take bukata. Ta ce gishiri kaɗan. Ya ce sai me kuma? Ta ce da akwai abin da take so, amma babu kuɗi. Ita duk da harshen gida take magana, shi kuwa bai sake komawa can ba. Ya yi mata godiya da Suwahili, ya sallame ta.

Bai zage ta ba, bai kuma ce ba zai ba ta ba. Amma ta ji amsarta sarai: yau ke mai saye ce, zumunci sai an koma gida. Bayanin Myers-Scotton shi ne, kowane mutum biyu suna da harshen da aka saba ji a tsakaninsu. Muddin ana kansa, ba wanda ke lura. Ranar da ɗaya ya kauce, kaucewar ita ce saƙon.

Abin da ke faruwa ke nan a wayoyinmu. Mutane kan tambaya ko Ingausa ta dace ko ba ta dace ba, kamar ana iya yanke hukunci ɗaya a kan kowa. Ni a ganina abin dubawa shi ne abin da ku biyun kuka saba.

A ce ƙanwa ta turo wa yayanta ta WhatsApp: "Yaya ina wuni, ya aiki? Don Allah maganar kuɗin makarantar nan ce, ranar Litinin za a rufe." Kullum hirarsu da Hausa ce. Yana ofis, hannunsa ya saba da Turancin aiki, sai ya mayar mata da "oke, notad". Shi sauri yake yi. Ita kuwa abin da ta gani shi ne an tsallake gaisuwarta, an amsa mata yadda ake amsa wa ƙaramin ma'aikaci. Zai gane an samu matsala idan saƙonta na gaba ya gajarce, ko ta rubuto "to na gode" ta yi shiru, ba ta sake tuna masa ba har Litinin ta wuce. Da ya ce "Lafiya lau ƙanwata, na gani. Albashi bai shigo ba, amma da na ji alat zan yi miki tiransifa in sha Allahu," da an zauna lafiya. Akwai alat da tiransifa a ciki, amma ba su ɓata komai ba, don sun zama 'yan gida kamar mota da asibiti. Abin da kunne ke kamawa shi ne harshen da ya ɗauki gaisuwa da ban haƙuri.

Abin yana juyawa kuma. Abokin da kuka gama jami'a tare, kuna ta Ingausa da zolaya, ka wayi gari ka tura masa "Assalamu alaikum, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya", zai ɗauka bashi za ka nema, ko an sace maka waya.

Da manya lissafin ya fi tsauri. Kawu ko suruki, ko da farfesa ne, ana ce masa "kun wuni lafiya", Turanci kuwa ba ya rarrabe kai da ku, don haka da ka koma cikinsa girmamawar ta zube. A ta'aziyya ma "sori" ba ta cika gurbin "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri". Idan kuma babban ne ya fara sako Turanci, wannan damarsa ce, ba lallai ta zama taka ba.

Sai dai misalin Kenya yana da iyaka. Suwahilin mai kanti nisa kawai ya sa tsakaninsa da 'yar'uwarsa. Turanci a wurinmu, kamar Faransanci a Maradi da Damagaram, yana tafe da ƙamshin boko, don haka wanda bai yi makaranta ba zai iya jin har da raini a ciki. Ga shi matar tana ganin fuskar ɗan'uwanta, rubutu kuwa ba fuska ba murya. Shi ya sa inna da ba ta karatun boko saƙon murya ya fi dacewa da ita, a fara da sallama, a tambayi mutan gida, sannan a shiga magana.